Yadda Za Ka Rubuta Manhaja a Kwamfutar Aro Ba Tare da Ka Bar Makullanka a Kanta Ba

Ƙanena ya fara koyon rubuta manhaja a Garwa ba shi da kwamfutar kansa. Da safe yana amfani da ta ofishin wani kawunmu idan masu aiki ba su iso ba, da yamma kuma ya je shagon intanet ya biya kuɗin awa ɗaya ko biyu. Duka kwamfutocin biyu Windows ne da Faransanci, duka biyun kuma ba su ba shi izinin girka komai, domin da ya taɓa fayil ɗin girkawa sai a nemi kalmar sirrin mai kwamfutar. Tsarin da zan bayyana a nan shi ne wanda muka tsaya a kansa bayan mun yi ta gwaji, kuma ya rataya ne a kan ƙa'ida guda: kayan aiki su zauna a filash ɗinka, asalin aikin ya zauna a GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan manhaja a kansa, kwamfutar aro kuwa ta zama teburin da ka zauna a kai ka tashi ba ka bar komai ba.

Shirya filash ɗin

Ka nemi filash mai giga 16 ko 32, irin USB 3.0, wadda galibi za ka gane ta da shuɗin launi a cikin bakinta. Girma ba shi ne abin damuwa ba, domin duka kayan da za mu sa a ciki ba za su wuce giga ɗaya da 'yan kai ba. Abin da ke wahalarwa shi ne saurin rubuta ƙananan fayiloli masu yawa, kuma a nan ne filash mai araha take ba da kunya. Idan duka kwamfutocin da kake zagayawa Windows ne, ka goge filash ɗin ka mai da ita tsarin ajiye fayiloli na NTFS maimakon na exFAT. Dalili na farko shi ne NTFS tana riƙe da bayanin abin da take kan rubutawa, saboda haka ta fi jure ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, wanda mu nan ba baƙon abu ba ne, musamman a watannin zafi. Dalili na biyu shi ne a exFAT, filash mai giga 16 tana ware wa kowane fayil aƙalla kilobait 32 komai ƙanƙantarsa, alhali a NTFS kilobait 4 ne, kuma foldar `node_modules` ta ƙaramin aiki ma tana iya ɗauke da dubban fayiloli.

Kayan aiki uku za ka sauke, wato editan rubuta manhaja VS Code, da Git mai riƙe tarihin aiki da tura shi GitHub, da Node.js mai gudanar da JavaScript, kowanne daga shafinsa na asali, kuma a kowanne ka guji fayil ɗin girkawa. Na VS Code ka zaɓi `.zip` na Windows, ka warware shi a folda mai suna `vscode`, sa'an nan ka ƙirƙiri folda mai suna `data` a gefen `Code.exe`. Wannan foldar ce sirrin abin: da zarar VS Code ya gan ta, sai ya riƙa ajiye saitunanka da duk ƙarin da ka girka a cikinta maimakon cikin asusun mai kwamfutar. Na Git ka ɗauki wanda sunansa ya fara da `PortableGit`, ka buɗe shi ka ce ya zuba kansa a folda mai suna `git`. Na Node.js ka ɗauki `.zip` wanda sunansa ya ƙare da `win-x64`, ka zuba abin da ke cikinsa a folda mai suna `node`, yadda `node.exe` zai kasance kai tsaye a cikinta. Daga nan ka ƙara folda biyu da ba komai a cikinsu, `gida` da `aiki`.

Kafin ka ɓata kuɗin awarka, ka rubuta `winver` a wurin bincike na kwamfutar ka ga wane Windows ne a kanta. Har yanzu akwai shagunan da ke da Windows 7, kuma VS Code na ƙarshe da ke aiki a kansa shi ne 1.70, sababbin Node.js ma ba sa tashi a kansa. Idan ka faɗa wa irin wannan, ka nemi a sauya maka kujera.

Fayil ɗin da ke haɗa komai

Matsalar filash ita ce harafinta ba ya zama ɗaya. A ofishin kawunmu tana fitowa da `E:`, a shago kuma da `G:`, don haka duk saitin da aka rubuta da harafi zai karye idan an sauya wuri. Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa: Git yana neman saitunansa da makullansa a foldar da Windows ya ɗauka gidan mai amfani ne, wato cikin `C:\Users` na mai kwamfutar. Ƙaramin fayil ɗaya yana magance duka biyun. Ka buɗe Notepad, wanda a Windows na Faransanci ake kira Bloc-notes, ka rubuta wannan, ka adana shi a saman filash ɗin da suna `fara.bat`:

```bat
@echo off
set "K=%~dp0"
set "HOME=%K%gida"
set "PATH=%K%git\cmd;%K%node;%PATH%"
set "npm_config_cache=%K%gida\npm-cache"
start "" "%K%vscode\Code.exe" "%K%aiki"
```

Alamar `%~dp0` tana nufin wurin da shi wannan fayil yake zaune, ko wane harafi filash ta samu a ranar. Layin `HOME` yana gaya wa Git cewa gidansa yana cikin filash, layin `PATH` yana sa a fara samun Git da Node naka kafin duk wanda ke kan kwamfutar, layin da ya biyo baya kuma yana hana npm, mai sauke wa Node ƙarin kayan aiki, tara abin da ya sauke a asusun mai kwamfutar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke taɓa saitin Windows ɗin kansa, domin suna rayuwa ne muddin VS Code ɗinka yana buɗe, ka rufe shi su tafi. Sharaɗin shi ne kullum ta `fara.bat` za ka shiga. Ranar da ka yi gaggawa ka danna `Code.exe` kai tsaye, editan zai buɗe lafiya kamar kullum, amma ba zai ga Git ɗinka ba, idan kuma kwamfutar tana da nata Git, shi zai yi aiki da gidan mai kwamfutar ba tare da ya faɗa maka ba.

Idan VS Code ya buɗe, ka shiga `Terminal` sannan `New Terminal` daga jerin sama. Na ce daga jerin sama ne domin allon rubutun da ke shagunanmu na Faransanci ne, mai farawa da AZERTY, kuma gajerun hanyoyin da za ka gani a darussan Turanci ba duka suke faɗawa wuri ɗaya a kansa ba. Ka sa tagar umarnin ta zama `Command Prompt` maimakon PowerShell, saboda a kwamfutoci da yawa PowerShell yana ƙin gudanar da `npm`, yana cewa an hana. Sannan ka gwada:

```bat
where git
where node
echo %HOME%
```

Layin farko na kowace amsa ya kamata ya fara da harafin filash ɗinka. Idan ka ga `C:` a gaba, ko dai ba ta `fara.bat` ka shiga ba, ko kuma sunan wata folda bai yi daidai da abin da ke cikin fayil ɗin ba.

Inda mutane suka fi barin makulli

Wannan shi ne sashen da na fi so mai karatu ya natsu a kansa, domin kuskuren da ake yi a nan ba ya nuna wata alama. Git na Windows yana zuwa da wani mataimaki mai adana shaidar shiga, kuma idan ka tura aiki zuwa GitHub ta adireshin `https`, wannan mataimakin zai buɗe maka burauza, ka shiga, shi kuma ya ajiye shaidar a ma'adanar sirrin Windows na wannan kwamfutar. Filash ɗinka ta tafi da kai gida, shaidar kuwa ta kwana a shago. Haka ta faru da ƙanena a makonsa na farko: ya lura cewa a wata kwamfuta ta shagon Git ya daina tambayarsa komai, yana turawa kawai, har ya ji daɗin sauƙin. Sauƙin nan ma'anarsa ita ce duk wanda ya zauna a kujerar bayansa kuma ya san Git zai iya rubutu a duk ma'ajiyoyin ƙanena na GitHub da sunansa. Idan kana zargin ka taɓa yin haka, ka rubuta `cmdkey /list` a kwamfutar, ka duba ko akwai layi mai ɗauke da `git:https://github.com`, ka goge shi da `cmdkey /delete:git:https://github.com`. Da Faransanci ana samun wurin a ƙarƙashin `Gestionnaire d'identification`.

Don kada hakan ta sake faruwa, ka ƙirƙiri fayil mai suna `.gitconfig` a cikin `gida` da wannan rubutun, ka sa sunanka da adireshin imel ɗinka:

```ini
[user]
    name = Sunanka
    email = adireshinka
[credential]
    helper =
[safe]
    directory = *
```

Layin `helper` da aka bari babu komai a gabansa yana kashe mataimakin gaba ɗaya. Layin ƙarshe kuma yana magance wani saƙo da zai tare ka da zarar ka sauya kwamfuta, mai cewa `detected dubious ownership in repository`. Tun shekarar 2022 Git yake ƙin aiki a ma'ajiyar da yake ganin ba ta mai amfani na yanzu ba ce, kuma a idon kowace sabuwar kwamfuta foldar da ke filash ɗinka ta wani baƙo ce. Tauraron yana cewa a yarda da kowace folda, abin da ba zan ba da shawararsa a kwamfutar da mutane da yawa ke ajiye aiki a kanta ba, amma a nan Git ɗinka ne kaɗai ke karanta saitin, kai kuma foldar `aiki` kaɗai za ka buɗe da shi.

To da me za ka tura aiki? GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen turawa tun watan Agustan 2021, kuma ko da yana karɓa ba za mu so rubuta ta a kwamfutar aro ba. Abin da na fi so shi ne makullin da ke buɗe ma'ajiya ɗaya tak, wanda GitHub ke kira `Deploy key`. Idan a ranar filash ɗinka `E:` ce, ga yadda ake ƙera shi:

```bat
mkdir E:\gida\.ssh
E:\git\usr\bin\ssh-keygen -t ed25519 -f E:\gida\.ssh\id_ed25519
```

Zai nemi ka sa wa makullin kalmar sirri, kuma kada ka bar wurin babu komai, domin filash tana ɓata, tana kuma shiga hannun da ba ka sani ba. Ka zaɓi kalmomi huɗu ko biyar da ba ka amfani da su a wani wuri, ka tuna kuma cewa a allon AZERTY sai an danne Shift lambobin sama suke fitowa. Fayil biyu za su fito. Wanda ya ƙare da `.pub` shi ne na nunawa: ka kwafi layin da ke cikinsa, ka shiga ma'ajiyar a GitHub, ka bi `Settings`, `Deploy keys`, `Add deploy key`, ka manna shi, ka sa alama a `Allow write access`. Ya fi kyau ka yi wannan matakin daga burauzar wayarka, tunda layin `.pub` ba sirri ba ne, kana iya aika wa kanka shi ta kowace hanya. Daga nan sai ka ɗauko aikin cikin foldar `aiki` da adireshin da ya fara da `git@github.com:`, ka amsa `yes` a tambayar farko, ka riƙa yin `git pull` da `git push` daga tagar umarni inda za ka iya rubuta kalmar sirrin makullin. Idan filash ta ɓata, ka goge makullin daga wayarka, kuma ko kafin ka goge, iyakar abin da ke cikin haɗari ma'ajiya ɗaya ce.

Lokacin da filash ba ta isa ba

Akwai ranakun da wannan tsari ba ya aiki. Wasu shaguna sun toshe kafar USB, wasu kwamfutocin ofis suna hana gudanar da duk shirin da ba a girka ba, wani lokaci kuma aikin ne ya fi ƙarfin tsohuwar na'ura mai giga 4 na ƙwaƙwalwa. Idan mai kwamfuta ya hana, to ya hana, kada ka nemi zagaye shi. A irin wannan ranar sai a koma ga editan da ke cikin burauza, kuma GitHub yana da iri biyu da ake yawan rikita su.

Na farko shi ne `github.dev`. Kana cikin ma'ajiyarka sai ka danna ɗigo, ko kuma, tunda ɗigon AZERTY yana buƙatar Shift, ka sauya `.com` zuwa `.dev` a adireshin. Edita mai kama da VS Code zai buɗe nan take, kyauta, amma babu tagar umarni kuma ba ya gudanar da komai. Ya dace da gyaran rubutu da ƙananan kurakurai. Haɗarinsa shi ne gyaran da ba ka yi wa `commit` ba yana zaune ne a cikin burauzar kwamfutar, kai kuma a tagar sirri za ka yi aiki, wadda ke share komai idan ta rufe. Ƙanena ya yi asarar aikin kusan awa guda ta wannan hanyar ranar da aka ɗauke wuta, saboda haka a nan ka riƙa yin `commit` bayan kowane ƙaramin gyara.

Na biyu shi ne Codespaces, wanda cikakkiyar kwamfutar Linux ce a ɗakunan na'urorin GitHub, burauzarka taga ce kawai da kake leƙa ta. Ana buɗe ta daga maɓallin `Code` na ma'ajiyar, a shafin `Codespaces`. A can za ka gudanar da `npm install` da saurin intanet ɗinsu, ba da na shagon ba, kuma idan wuta ta ɗauke, fayilolin da ka adana suna nan a `/workspaces` suna jiranka. Abin da yake nema a wurinka shi ne layi mai ɗorewa ko da ba mai sauri ba ne. Idan haruffa suna fitowa a makare a tagar umarni, ko editan yana ta cewa yana sake haɗawa, layin ne yake yankewa, kuma ranar ta filash ce.

Asusun kyauta na mutum ɗaya yana samun awa 120 na ƙwayar na'ura, wato `core`, a wata da giga 15 na ajiya. Mafi ƙanƙantar na'urar tana da ƙwaya biyu, don haka awa 120 ɗin nan awa 60 ce ta agogo, idan kuwa ka zaɓi mai ƙwaya huɗu ta koma 30. Ga lissafin ƙanena: awa biyu a rana, kwana 26 a wata, ya kama awa 52, wanda ya shiga cikin 60 har da saura. Amma rufe burauza ba ya kashe na'urar, tana ci gaba da ci har sai ta yi minti 30 babu motsi. Rabin awar nan sau 26 awa 13 ce, jimilla 65, shi ya sa a watansa na farko rabonsa ya ƙare ana saura kwanaki. Maganin shi ne ka shiga `github.com/codespaces` ka zaɓi `Stop codespace` kafin ka tashi, ko ka rage lokacin jiran a `Settings`, sashen `Codespaces`, zuwa minti 10. Na'urar da aka tsayar tana ci gaba da cin rabon ajiya, kuma idan ta yi kwana 30 ba a taɓa ta ba ana goge ta da duk abin da ke ciki, saboda haka ita ma ba wurin ajiyar aiki ba ce, sai ka yi `git push`.

Wannan hanyar tana da tsada guda da ta filash ba ta da ita: dole ka shiga asusunka a kwamfutar da ba taka ba. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun daga wayarka, ka buɗe tagar sirri da Ctrl+Shift+N a Chrome da Edge, ko Ctrl+Shift+P a Firefox, kada kuma ka yarda burauza ta adana kalmar sirri. Ya kamata a faɗi gaskiya game da iyakar wannan kariya. Tagar sirri tana hana burauza tunawa da kai, amma ba ta hana shirin da aka dasa a kwamfutar ya naɗi abin da kake bugawa ko ya ɗauki zaman da ka buɗe. Don karatu da ƙananan ayyukan kanka, wannan haɗari ne da ake iya ɗauka. Aikin da ke ɗauke da makullan kuɗin wani ko bayanan abokan cinikinsa kuwa, ni ba zan buɗe shi a shago ba ko da mai shagon ɗan'uwana ne, domin shi ma bai san duk abin da ya shiga kwamfutarsa ba.

Tashi daga kujera

Ka ware minti biyar na ƙarshen awarka don tashi, kada ka bari mai shago ya zo kanka yana cewa lokaci ya cika. Ka fara da `git status` ka tabbata babu abin da ya rage, ka yi `git push`, ka jira ka ga ya kammala. Idan a Codespaces kake, ka tsayar da na'urar, ka fita daga asusun ta `Sign out`, sa'an nan ka rufe duka tagogin sirri, domin muddin ɗaya tana buɗe zaman bai mutu ba. Idan wuta ce ta tashe ka ba shiri, ka shiga `Settings` sannan `Sessions` daga wayarka ka soke zaman wannan kwamfutar. Idan a filash kake, ka rufe VS Code tukuna, ka duba foldar `Téléchargements` ko ka sauke wani abu a can, sannan ka cire filash ta hanyar `Éjecter`. Idan Windows ya ce ana amfani da ita, galibi wani `node.exe` ne bai mutu ba, sai ka kashe shi a `Gestionnaire des tâches`.

Wata rana za ka sa filash ɗin ka tarar foldodinka duka sun koma gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a gefe. Wannan sananniyar cutar kwamfuta ce da ke yawo a shaguna da wuraren buga takardu, tana ɓoye foldodin asali ta ajiye na bogi a madadinsu. Kada ka danna ko ɗaya, domin dannawar ce ke tashe ta. A kwamfutar da ka yarda da ita, `attrib -h -s -r /s /d E:\*.*` zai fito da abin da aka ɓoye, sai ka kwashe abin da ba ka riga ka tura ba daga `aiki`. Sauran kuwa kada ka yi ta lallaɓa su: ka goge filash ɗin gaba ɗaya, ka sake sauke kayan nan uku, ka cire tsohon makullin daga `Deploy keys`, ka ƙera sabo, ka ɗauko aikinka daga GitHub da `git clone`.